Takardun gwaji biyar daga lab biyu: yaya zan haɗa su a jadawali ɗaya?

Ummu_Hanif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon masu sani. Yau kwana tara ke nan Babanmu yana kwance a asibiti. Yana da ciwon suga da hawan jini tun da daɗewa, sai amai da gudawa suka kama shi kwana uku, da muka kawo shi aka ce ƙodarsa ta taɓu. Zuwa yanzu takardun gwajin jini biyar ne a jakata. Uku na lab ɗin asibitin ne, biyu kuma na wani lab ne a waje, saboda a tsakiyar mako an ce injinsu ya samu matsala. Ina so in haɗa su a takarda ɗaya, in riƙa ganin yadda lambobin ke tafiya kullum, don duk wanda ya kira daga cikin yayyena sai ya tambaye ni "ya sauka ko ya hau?" ni kuma sai in yi ta juya takardu. Abin da ya fi ruɗa ni shi ne kiretinin, wanda ake aunawa a jini don ganin aikin ƙoda. Na farko 412, na biyu 398, na uku 3.6, na huɗu 2.9, na jiya kuma 271. Ranar da muka ga 3.6 har sadaka Mama ta yi. Jiya da na ga 271 ban iya cin abinci ba. Ta ina zan fara?

Dan_Kurna: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Abu ne mai sauƙi ai, ki ɗauki hoton kowace da manhajar sikanin ta waya, ki haɗa su su zama PDF ɗaya, ki tura wa 'yan'uwa. Haka na yi da takardun matata.

Ummu_Hanif: Na gode Malam, amma hotunan duk suna da su. Lambobin nake so su jeru gefe da gefe.

Sani_Lab: Amin. 'Yar'uwa ki kwantar da hankalinki tukuna, ki ci abinci. Aikina ke nan, shekara goma sha ɗaya ina kan bencin gwajin jini. Kiretinin ɗin Baba bai faɗo daga 398 zuwa 3.6 ba, bai kuma tashi daga 2.9 zuwa 271 ba. Lab biyun ne ba da mudu ɗaya suke awo ba. Ki duba gefen kowace lamba, akwai ƙananan haruffa. Ina kyautata zaton na asibiti an rubuta µmol/L, na waje kuma mg/dL. Kafin ki ja layi ko ɗaya, ki rubuto mana abin da ke gefen kowace lamba harafi da harafi, da sunan gwajin yadda yake a takardar. Kada ki turo hoton takardar nan cikin rukuni, akwai sunansa da lambar katinsa a kai.

Ummu_Hanif: Haka ne wallahi Malam Sani. Ga su. Ta 3 ga wata, asibiti: kiretinin 412 µmol/L, yuriya 24.1 mmol/L, fotasiyam 5.6, PCV, wato awon yawan jini, 29. Ta 4 ga wata, asibiti: 398, 23.0, 5.3, babu PCV. Ta 6 ga wata, lab na waje: kiretinin 3.6 mg/dL, yuriya 108 mg/dL, fotasiyam 6.2. Ta 8 ga wata, lab na waje: 2.9, 90, 4.9. Ta 10 ga wata, asibiti: 271, 14.2, 4.6, PCV 26.

Abba_Kwamfuta: Anti wannan aikin Excel ne, ko Google Sheets a wayarki. Kwanaki a ƙasa, gwaje-gwaje a sama. Na mg/dL ɗin ki ninka da 100 kawai, zai dawo kusan daidai da na asibiti, wato 360 da 290. Inda ba a yi gwaji ba ki sa 0 don kada gurbin ya zauna fanko. Daga nan sai ki fitar da zanen layi, kowa ya gani da ido.

Sani_Lab: Abba, tsarin da ka kawo yana da kyau, amma wurare biyu sai an gyara. Kiretinin da 88.4 ake ninkawa, ba da 100 ba. 3.6 sau 88.4 ya ba da 318, 2.9 kuma ya ba da 256. Ka ga abin da "kusan" ɗinka ya jawo: da lissafinka, daga 290 zuwa 271 sauka ce. Da lissafin gaskiya, daga 256 zuwa 271 ɗan hawa ne. Jadawalin nan don ganin alkibla ake yin sa, in ninkin ya juya alkiblar to gara ba a yi shi ba.

Sifili kuma lamba ce. In ka sa 0 a gurbin PCV na ranar 4, zanen layinka zai nuna jinin Baba ya ƙare kaf sannan ya dawo. A takarda a ja ɗan gajeren layi a gurbin, a kwamfuta a bar shi fanko.

Abba_Kwamfuta: Na karɓi gyara Malam. To ga yadda za ta rubuta, in lambar mg/dL tana gurbin C4:

```
=ROUND(C4*88.4,0)
```

Yuriyar fa, ita ma 88.4 ɗin?

Sani_Lab: A'a, kowane gwaji da nasa. A nan ma akwai rami. Ummu_Hanif, ki sake duba takardun waje: `Urea` aka rubuta ko `BUN`, wato awon naitirojin ɗin da ke cikin yuriyar kaɗai? In `Urea` ce a mg/dL, da 6 ake rabawa, 108 ya zama 18.0 mmol/L, ya sauko ke nan daga 23. In kuwa `BUN` ce, da 2.8 ake rabawa, 108 ɗin nan zai zama kusan 38.6, ya haura sosai ke nan. Lamba ɗaya, labari biyu masu karo da juna. Fotasiyam da sodiyam ba su da wannan wahalar, ko an rubuta mmol/L ko mEq/L lambar ɗaya ce.

Ummu_Hanif: `Urea` aka rubuta a duka biyun. Ke nan 18 da 15?

Sani_Lab: Daidai.

Alhaji_Na_Fagge: Ni dai yaran nan ban ga amfanin wannan ba. Likitoci suna da fayil ɗinsu, sun yi shekaru suna karatun abin. Ke mai jinya ce, aikinki ki kula da cinsa da shansa da maganinsa. Yanzu ga shi lamba ta hana ki cin abinci, ta sa mahaifiyarku murnar da ba ta tabbata ba. Ku bar wa masu abu abinsu.

Nas_Binta: Baba Alhaji, ku yi haƙuri in ɗan saɓa muku. Ina aiki a ɗakin kwanciya na maza, kuma abin da kuke cewa a bar wa fayil, ni nake ganin yadda fayil ɗin yake. Takardar lab na waje a hannun 'yan'uwa take zuwa. Wata a manna ta, wata a soke ta tsakanin shafuka ta zame, wata tana aljihun ƙanin majinyaci da ya tafi gida wanka. Likitan da ya zo zagaye da safe ba lallai shi ne na jiya ba. Mu kanmu a bayan fayil muna jan irin wannan jadawalin da biro. In mai jinya ta miƙo takarda ɗaya tsaf, ga kwanaki ga lambobi ga asalin takardun a maƙale a baya, ba wanda zai ƙi karɓa. Inda na yarda da ku shi ne fassara. Ta jera, likita ya fassara. Kada a ga lamba ta sauka a ce a daina wani magani, ko a ga ta hau a nemo na gargajiya a ƙara.

Alhaji_Na_Fagge: To in dai iyakarsa ke nan, babu laifi. Amma na san mutanenmu.

Nas_Binta: Ummu_Hanif, tambayata ɗaya. Kin ce takarda ta huɗu ta 8 ga wata ce. Ranar Asabar ke nan. Ranar aka ɗebi jinin, ko ranar aka karɓo takardar?

Ummu_Hanif: Bari in duba. Kai, kwanan wata biyu ne a samanta ashe. `Collected` 7 ga wata 8:30 na safe, `Reported` 8 ga wata. Na tuna, ranar Juma'a da safe aka ɗiba. Likitan ya kira su a waya da rana ya ji sakamakon, ƙanina bai karɓo takardar ba sai Asabar.

Nas_Binta: To a ƙarƙashin 7 za ki sa ta. Jinin yana ba da labarin jikin Baba ne a lokacin da allura ta shiga, ba lokacin da firinta ta fitar da takarda ba. Ki bi sauran huɗun ma haka, ki rubuta har da awa in akwai. Wata rana za a ɗiba sau biyu, safe da dare, in babu awa ba za ki san wanne ya riga ba. Kuma tunda kina kan duba saman takardun, ki tabbatar suna da shekaru da lambar kati duk na Baba ne. Na taɓa ganin masu suna ɗaya har da sunan uba a ɗaki ɗaya, gado uku ne tsakaninsu.

Maman_Sadiq: Allah ya ba shi lafiya. Ni ɗana sikila gare shi, shekara tara ina rubuta PCV ɗinsa a littafi mai layi arba'in. Abin da na koya da wahala shi ne wasu takardun irin na rasit ɗin POS ne, masu santsi. Na ajiye guda shida a cikin leda a durowa, bayan wasu watanni na ɗauko na tarar sun koɗe, sai farar takarda da ɗan inuwar rubutu. Tun daga nan ranar da aka ba ni nake kwafewa in kuma ɗauki hoto. Sannan a gefe ina rubuta abin da ya faru, kamar "an ƙara masa jini leda ɗaya" ko "zazzaɓi kwana biyu". In ba haka ba sai ki ga PCV ya yi tsalle daga 17 zuwa 24 ki rasa dalili, alhali jini aka ƙara.

Sani_Lab: Maman_Sadiq ta kawo abin da nake shirin faɗa, layin bayani. Kuma ga inda ake buƙatarsa a takardun Baba: fotasiyam 6.2 na ranar 6. Ki duba jerin, 5.6, 5.3, sai 6.2, washegari 4.9. A ranar da kiretinin da yuriya ke sauka, shi kaɗai ya yi sama, kafin kwana ɗaya kuma ya dawo ƙasa da inda yake. 'Yar'uwa, yaya aka kai jinin ranar? Kuma babu wani rubutu a ƙasan takardar?

Ummu_Hanif: A ɗakin aka ɗiba wajen 11 na safe, an sha wahalar samun jijiya, sai da aka soka sau uku. Ƙanina ya sa kwalbar a aljihun riga ya hau Keke, ya ce ya tsaya biyan kuɗi da layi, sai bayan azahar suka karɓa. A ƙasa an rubuta `slightly haemolysed` da biro. Da likitan ya gani da yamma ya sa aka yi wa Baba gwajin zuciya na wayoyin nan da ake mannawa a ƙirji, ya ce a sake ɗiban jini da safe.

Sani_Lab: To kin ga. Fotasiyam mafi yawansa a cikin ƙwayoyin jini yake zaune. In ƙwayoyin suka farfashe a kwalba, saboda wahalar ɗiba ko jijjiga, ko jinin ya daɗe ba a raba ruwansa da ƙwayoyin ba, sai ya tsiyayo cikin ruwan da muke aunawa, lambar ta hau alhali a jikin mutum ba haka take ba. Rubutun biron nan abin da yake faɗa ke nan. Mu a benci da ido muke gani, ruwan da ya kamata ya zama kalar rawaya-rawaya sai ya yi ja-ja.

Amma ki ji da kyau: kada ki cire 6.2 daga jadawalin, kada kuma ki gyara ta. Ki rubuta ta yadda take, ki sa mata tauraro, ki kwafe abin da lab suka rubuta a layin bayani. Mai ciwon ƙoda fotasiyam ɗinsa yana iya hawa da gaske, kuma in ya hau zuciya yake taɓawa, shi ya sa likitan bai tsaya zato ba ya duba zuciyar ya sa a maimaita. Duk ranar da kuka karɓo takarda kuka ga ya kai 6 ko ya wuce, a hannun nas ko likita za ta fara sauka nan take, jadawali ya jira.

Issoufou_Maradi: Sannunku. Ina karantawa daga Maraɗi. In ƙara wani abu don waɗanda ke tsallakawa da takardu, don mutanenmu da yawa suna zuwa Katsina da Kano ganin likita, naku ma suna zuwa nan. A wajenmu sau da yawa kiretinin a mg/L ake rubuta shi, ba mg/dL ba. Wato 3.6 ɗin Baba a takardarmu 36 zai fito. Yuriya da suga kuma a g/L, yuriya 108 ɗin nan sai ka ga 1,08, da waƙafi a maimakon ɗigo. Kawuna ya taɓa kai takarda mai 14 mg/L wancan gefen, wani ɗan'uwa ya karanta ta a matsayin 14 mg/dL, gida ya rikice ana maganar wankin ƙoda, alhali 1.4 ce. Harafin d ɗin nan guda ɗaya ninki goma ne.

Abba_Kwamfuta: Waƙafin nan ma yana ba da matsala a Excel. In kwamfutar an saita ta da ɗigo, ka rubuta 1,08, ba lallai ta ɗauke shi a matsayin ɗaya da ɗigo sifili takwas ba. A mayar da shi ɗigo kafin a shigar.

Hauwa_Zariya: Ni tambayata daban ce. Suga fa? Na'urar gida tana ba Mamana 180, asibiti su ce 10. Abu ɗaya ne?

Nas_Binta: Ɗaya ne Hauwa, suga da 18 ake rabawa, 180 mg/dL shi ne 10 mmol/L. Sai dai ki riƙa rubuta ko kafin cin abinci ne ko bayansa, in ba haka ba jerin ba zai gaya miki komai ba.

Ummu_Hanif: Na zauna na ja shi da rula a takarda, sannan na kwafe a nan. Ku duba mini. A = asibiti, W = waje, Cr = kiretinin, Ur = yuriya, K = fotasiyam.

```
Rana      3     4     6      7     10
Lab       A     A     W      W     A
Cr µmol/L 412   398   318    256   271
 (mg/dL)  -     -     3.6    2.9   -
Ur mmol/L 24.1  23.0  18.0   15.0  14.2
 (mg/dL)  -     -     108    90    -
K mmol/L  5.6   5.3   6.2*   4.9   4.6
PCV %     29    -     -      -     26
```

A ƙasa na rubuta: tauraro, jinin ya farfashe a kwalba in ji lab, an maimaita ranar 7. Ƙarin ruwa daga 3 zuwa 8 ga wata. Ba a ƙara jini ba.

Sani_Lab: Madalla. Abin da ya fi burge ni shi ne kin bar asalin lambar mg/dL a ƙarƙashin wadda kika juya. Duk wanda ya yi shakka zai iya sake lissafin da kansa ba sai ya nemi takardar ba. Abu ɗaya za ki ƙara: iyakar lafiya da kowane lab ya buga a gefen sakamakonsa, ki kwafe na A daban na W daban. Kada ki ɗauko daga intanet, don kowane lab da nasa gwargwadon injinsa da sinadarinsa.

Abba_Kwamfuta: Ni har yanzu na fi son kwanakin su jeru zuwa ƙasa, kowace rana layinta. In Baba ya ƙara mako biyu, Allah ya kiyaye, takardar za ta ƙare ta gefe. Ƙasa kuwa sai dai ki yi ta ƙarawa.

Nas_Binta: A waya ka fi gaskiya Abba. Amma a takardar da za a miƙa wa likita, mu mun saba da kwanaki a sama, ido ya bi layi ɗaya daga hagu zuwa dama. In ta cika a ɗauko sabuwa, a maimaita ranar ƙarshe a farkonta.

Ummu_Hanif: Zan bar ta takarda yadda take, ta waya in bi tsarin Abba. Amma Malam Sani, ga abin da ya tsaya mini yanzu. Daga 256 zuwa 271. Ya fara komawa sama ke nan? An cire masa ƙarin ruwa ranar 8.

Sani_Lab: Ba zan ce miki e ba, ba zan ce a'a ba, kuma ga dalili. Bambancin 15 ne, a tsakanin lab biyu. Ko jini ɗaya aka raba kwalba biyu aka kai musu a lokaci ɗaya, ana iya samun irin wannan tazarar, don hanyar auna kiretinin ba ɗaya ba ce a ko'ina. Sannan 2.9 ɗin nan an taƙaita ta ne zuwa lamba ɗaya bayan ɗigo. Tana iya zama 2.85 ko 2.95, wato tsakanin 252 da 261. To 256 ɗinki ba ta kai yadda take nunawa tsayuwa ba. Abin da za ki iya dogara da shi shi ne A da A: 412, 398, 271. W da W kuma: 318, 256. Kowanne a cikin gidansa sauka yake. Yuriya ma ta ci gaba da sauka. Amma tunda an cire ruwa a tsakani, ba zan rantse cewa bambancin lab ne kawai ba. Gwaji na gaba a lab ɗin asibiti shi zai raba gardama, don shi za a gwada da 271 kai tsaye.

Maman_Sadiq: PCV ɗin fa da ya sauka daga 29 zuwa 26? Ni shi idona ya fara kamawa.

Nas_Binta: Mutumin da ya zo bayan kwana uku yana amai da gudawa jininsa a kafe yake, PCV ɗin farko yakan nuna sama da gaskiyarsa, in aka ƙara ruwa sai ya sauko. Yana iya zama hakan. Amma lambobi biyu ne kawai a layin, kwana bakwai tsakaninsu, ba a karanta alkibla da su. Ki nuna wa likita gurbin nan uku da ke fanko ki tambaye shi ko a haɗa da PCV a ɗiba na gaba. In kuma kin ga bayan gidansa ya yi baƙi, ki faɗa ba sai an tambaye ki ba.

Alhaji_Na_Fagge: Akwai wani gwajin da aka taɓa yi masa kafin wannan ciwon? Ni likitana kullum tsohuwar takarda yake fara tambaya.

Sani_Lab: Baba Alhaji kun taɓo babba. In akwai kiretinin na watannin baya lokacin yana lafiya, shi ya kamata ya zauna a gurbin farko kafin ranar 3. Wanda ya saba zama a 90, 271 tana nufin da sauran tafiya mai nisa. Wanda dama ciwon suga ya riga ya kai kiretinin ɗinsa 240, ya kusa komawa inda yake. Jadawalin nan yadda yake yanzu ba zai iya gaya mana wanne ne Baba a ciki ba.

Ummu_Hanif: Akwai wanda aka yi masa bayan Babbar Sallah a asibitin da yake karɓar maganin suga. Na kira Yaya, ta ce tana ganin takardar tana cikin akwatin Mama tare da katunansa, za ta duba in ta koma gida da daddare. Na ƙara gurbi ɗaya a gefen hagu na bar shi fanko. Nas ɗin dare ta ce gobe 6 na safe za a sake ɗiba, kuma injin asibitin ya dawo aiki.